Sanarwar Manaja ga Direbobi: Abin da Sabuwar Dokar Gudu da Tara Ta Ƙunsa

A kamfanonin sufuri masu jigilar fasinja tsakanin manyan garuruwan Najeriya, babu takardar da ke tayar da ƙura kamar wadda manaja zai manna a allon sanarwa yana cewa daga ranar kaza an ƙayyade gudu, kuma duk wanda ya wuce iyaka zai fuskanci hukunci. Direbobi kan karanta ta da ɓacin rai, domin a ganinsu hannu ake shirin sa musu a aljihu. Fasinja kuwa galibi bai ma san da ita ba, alhali ransa ne ake magana a kai. Wannan takarda tana iya hana mutuwar mutane a hanya, tana kuma iya zama abin da za a yi wa dariya a tasha bayan mako biyu. Abin da ke raba tsakani shi ne ko ta faɗi iyakar gudun a fili, ta faɗi yadda za a auna shi, ta tsaya cikin doka wajen hukunci, sannan ta taɓa ainihin abin da ke sa direba taka totur.

Daga ina dokar ta samo asali

Manaja ba ya ƙirƙiro iyakar gudu daga kansa. Dokokin hanya na Najeriya sun riga sun raba motoci gida-gida, sun kuma raba hanyoyi. Ga bas da tasi, iyakar ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya ta tsakanin garuruwa, 90 a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Kaduna. Motar gida tana da 50 da 80 da 100. Tirela da tanka kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Direbobin bas da yawa sun ɗauka cewa 100 ce iyakarsu, domin ita suka fi ji a bakin mutane, alhali wannan ta motar gida ce.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da bin waɗannan ƙa'idoji a manyan hanyoyi. Tun 2007 ta fito da tsarin da ya wajabta wa duk mai motoci biyar ko fiye da haka ya yi rajista da ita, ya kuma buɗe sashen kula da lafiyar tuƙi da jami'in da zai riƙe shi. Daga 1 ga Fabrairu 2017, zamanin da Boboye Oyeyemi ke shugabantar hukumar, aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Saboda haka idan direba ya yi gudun wuce kima, laifin ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Hukuma tana iya tambayar kamfani me ya yi don hana shi, kuma takardar sanarwa tana cikin abubuwan da kamfanin zai nuna.

Yadda sanarwa mai kyau take

Bari mu ɗauki misalin kamfani mai bas-bas masu cin mutum goma sha takwas, da ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Alƙaluman gudun na doka ne, sauran sharuɗɗan kuwa misali ne na abin da kamfani zai iya tsarawa. Manajan zai iya rubuta kamar haka:

"Zuwa ga dukkan direbobinmu. Assalamu alaikum. Daga ranar ɗaya ga watan gobe, babu motar kamfanin nan da za ta wuce kilomita 90 a tagwayen hanya, 80 a hanya mai hannu biyu, 50 a cikin gari ko kasuwar bakin hanya. Za mu auna gudun ne da na'urar bin sawu da ke cikin kowace mota. Wanda ya zarce iyaka da fiye da kilomita 5, ya kuma daɗe a haka fiye da daƙiƙa 30, an rubuta masa laifi ɗaya.

"Laifin farko, takardar gargaɗi da zama da jami'in lafiyar tuƙi. Na biyu a cikin kwana 90, direba ya rasa ladan tuƙi lafiya na wannan wata, naira 15,000. Na uku, za a sauke shi daga doguwar hanya na mako biyu, ya sake zaman horo. Wanda ya kai 120, ko ya taɓa wayar na'urar ƙayyade gudu, kai tsaye zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Ba za a taɓa albashin kowa ba.

"Idan jami'an hanya suka rubuta tara saboda gudu, direba ne zai biya. Idan saboda taya ce, ko takardun mota, ko lalacewar na'ura da direba ya riga ya kai rahoto, kamfani ne zai biya. Tafiyar Kano zuwa Kaduna daga yau awa uku da kwata ce mafi ƙaranci, kuma isowa da wuri ba za ta ba kowa layin lodi ba. Duk wanda bai yarda da abin da aka rubuta masa ba, yana da kwana bakwai ya zo a duba tare da shi da wakilin direbobi. Allah ya tsare mu, ya tsare fasinjojinmu."

Takardar gajeriya ce, amma kowane layi a cikinta yana da dalili, kuma ya kamata direba da fasinja su san dalilin.

Me ya sa 90, ba 120 ba

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 120 tana cin mita 33 da ɗoriya. A ce wata tirela ta lalace a bayan kwana, ko shanu sun shigo titi. Daga lokacin da idon direba ya gani zuwa lokacin da ƙafarsa ta danna birki, mu ce daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce. A wannan ɗan lokaci mai gudun 90 ya riga ya ci kusan mita 38, mai gudun 120 kuwa mita 50, kuma duk cikinsu babu wanda birkinsa ya fara aiki.

Bayan birki ya kama, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mai 90 yana buƙatar kamar mita 45 kafin ya tsaya cak, mai 120 kuwa kamar mita 81. Tazarar birki ba ta ƙaruwa daidai da ƙarin gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Jimilla ke nan na farko ya tsaya a mita 83, na biyu sai ya kai wajen mita 131.

Ga abin da ya fi tayar da hankali a wannan lissafi. A ce tirelar tana mita 83 daga inda aka fara hango ta. Direban farko ya tsaya daf da ita, fasinja sun yi salati, kowa ya sauka da ƙafarsa. Direba na biyu ya taka birki da dukkan ƙarfinsa, amma a daidai wurin nan motarsa tana kan gudun kusan kilomita 90, kuma da wannan gudun zai shige ƙarƙashin tirelar. Wannan duk a kan kyakkyawar hanya ne. Bas da aka cika da mutane da kaya, ga ruwan sama ko tsohuwar taya, tazarar da take buƙata ta fi haka nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kusan kashi huɗu cikin ɗari.

To me ake samu a madadin wannan kasada? Tsakanin Kano da Kaduna akwai kimanin kilomita 230, kuma ba duka ake iya sakin mota ba. Ga fita daga Kano, ga Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, ga Zariya da Jaji, ga shingayen jami'an tsaro. A ce kilomita 150 ne hanya ke buɗe, sauran 80 kuma ana bin su a matsakaicin gudun 50. Mai tafiya a 90 zai ci buɗaɗɗen ɓangaren a minti 100, mai 120 a minti 75, sauran ɓangaren kuwa kowannensu minti 96 zai yi. Na farko ya isa a awa uku da minti 16, na biyu a awa biyu da minti 51. Minti 25 ne tsakaninsu. Daga irin wannan lissafi manaja ya samo awa uku da kwata da ya rubuta, kuma ya kamata ya zauna ya yi shi a gaban direbobi, domin mutum ya fi riƙe dokar da ya ga tushenta.

Na'urori biyu, aiki biyu

Mutane kan haɗa na'urar ƙayyade gudu da na'urar bin sawu, wadda direbobi ke kira tiraka, alhali aikinsu daban. Ta farko tana rage man da ke shiga inji da zarar mota ta kai gudun da aka saita, ko da direba ya danne totur har ƙasa. Amma ba ta taka birki, don haka a gangara mota mai nauyi tana iya zarce iyakar. Kuma ba ta san inda motar take ba. Idan an saita ta don tagwayen hanya, babu abin da zai hana direba ratsa kasuwar ƙauye da gudun 85, inda doka ta ce 50, inda kuma yara da masu talla ke tsallaka titi.

Tiraka kuwa ba ta hana komai. Tana amfani da tauraron ɗan'adam ta rubuta inda mota take, da ƙarfe nawa, da irin gudun da take yi, ta aika ofis. Ita ce shaidar da ake hukunci da ita, shi ya sa dole sanarwa ta ambace ta. Ita ma tana da rauninta. Wani lokaci saƙonta kan yi tsalle, ta nuna gudun da bai faru ba na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wannan ne dalilin sharaɗin daƙiƙa 30 da rarar kilomita 5. Sai dai ya kamata direba ya gane cewa wannan rara ta ma'aunin kamfani ce kawai. A wurin doka iyaka tana nan a 90, kuma jami'in da ya auna shi a hanya ba ruwansa da takardar manaja.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne na wuce mota. Direba zai ce, "Ranka ya daɗe, in ban ƙara wuta ba yaya zan wuce tirela?" Amsar tana cikin lissafi. Tirela mai gudun 60, bas mai gudun 90, bambancinsu ya ɗan haura mita 8 a daƙiƙa. Idan aka haɗa tsawon tirelar da na bas da tazarar da za a bari gaba da baya, kamar mita 75 ne, wato daƙiƙa tara. Babu buƙatar wuce 90. Idan kuwa motar gaba tana gudun da ba za a iya wuce ta ba sai an kai 110, to ba motar da za a wuce ba ce.

Yadda ake warware takaddama

A ce tiraka ta nuna wata mota ta yi gudun 99 na tsawon daƙiƙa 50 a kusa da Jaji, da ƙarfe goma da minti 42 na safe. An kira direban, dattijo ne da ya daɗe a kamfanin, ya rantse cewa allurar malejinsa ba ta wuce 94 ba. Manaja mai gaggawa zai ce ƙarya yake yi. Mai hankali zai ce, "Baba, mu je mu duba motar tare."

Abu na farko da za a duba shi ne taya. Maleji yana lissafin gudu ne daga yawan juyawar ƙafa. Idan aka sa wa mota tayar da ta fi wadda aka ƙera ta da ita girma, kowane juyi yana cin ƙasa fiye da yadda malejin ya sani, sai ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Tayar da kewayenta ya fi na asali da kashi biyar cikin ɗari za ta sa maleji ya nuna 94 alhali motar tana kusan 99. Idan na'urar ƙayyade gudu daga wannan ma'auni take karɓar saƙo, ita ma ta ruɗu ke nan. Gane wannan ba wuya. A karanta lambar girman da ke jikin tayar, a gwada da wadda ke rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin motar, sannan a fita da motar a riƙe gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, a kwatanta maleji da tiraka.

Idan aka samu haka ne, kuma sashen gyara na kamfani ne ya sa tayar, adalci shi ne a soke laifin, a canza tayar ko a sake saita na'ura, sannan a gaya wa dattijon cewa ko 94 ɗin da ya amsa da bakinsa ta haura iyakar doka. Idan kuma taya daidai take, aka ga hatimin na'urar ƙayyade gudu a ɓalle, ko aka ga tiraka tana mutuwa kullum a wuri ɗaya ta dawo bayan rabin awa, ko motar tana isa Kaduna cikin awa biyu da rabi, to magana ta canza. Waɗannan su ne alamun an yi wasa da waya, kuma hukuncinsu ya fi na gudu nauyi, domin da niyya aka yi.

Tarar hukuma daban, hukuncin kamfani daban

A nan ne manajoji da yawa ke faɗawa rami. Tarar da jami'an FRSC ke rubutawa ta gwamnati ce. Ana ba direba takardar laifi, ya je ya biya a banki ko ta Remita zuwa asusun gwamnati, ba a hannun jami'i ba, kuma wanda bai amsa laifin ba yana da damar zuwa kotu. A jadawalin dokar hukumar ta 2007, tarar wuce iyakar gudu 'yan dubban naira ce tare da makin laifi a kan lasisi, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000.

Tarar da kamfani zai cire daga albashi kuwa wani abu ne dabam. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana mai aiki yanke albashin ma'aikaci da sunan tara, ya ma hana ƙulla yarjejeniya a kan haka. Abin da ya halatta shi ne a cire wani abu daidai gwargwado saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, kuma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Ko a inda aka halatta cirewa, jimillar abin da za a yanke a wata ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Don haka sanarwar da ta ce "duk wanda ya yi gudu za a cire masa dubu goma a albashi" tana iya kai kamfani gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wannan ne ya sa manajan misalinmu ya bi ta wata hanya. Ya ƙirƙiro lada a saman albashi, ya rubuta sharaɗin samunsa tun farko, wanda bai cika sharaɗin ba bai samu ba. Ga gargaɗi, ga sauke mutum daga doguwar hanya, ga horo. Duk da haka ya dace lauyan kamfani ya duba takardar kafin a manna ta, a kuma tabbatar ta yi daidai da takardar ɗaukar aikin direbobi. Kuɗin ladan ma ba daga sama zai faɗo ba. Iska tana ƙara turje wa mota sosai yayin da gudu ke ƙaruwa, don haka bas a 120 ta fi shan mai nesa ba kusa ba, ga cin taya da birki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk mai mota ya san darajar lita ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

Mafi yawan direbobi ba don nishaɗi suke gudu ba. Tsarin biyan kuɗi ne ke kora su. Inda ake biyan direba bisa yawan sawu, ko aka yanka masa balas ɗin da zai kawo kullum, ko kuma wanda ya riga isa tasha shi ke samun layin lodi, minti 25 ɗin nan kuɗi ne. Suna iya zama bambanci tsakanin samun lodin komowa yau da kwana a tasha. Ga fasinja da ke ce masa, "Direba, ka taka mana, muna sauri." Ga tsoron kada dare ya yi masa a hanyar da ba ta da tsaro, wanda kuma tsoro ne na gaskiya.

Manajan da ya rubuta 90 a takarda, ya bar tsarin da ba a cika shi sai da 120, ya ɗora wa direba zaɓi tsakanin abincin iyalinsa da bin doka, kuma kowa ya san wanda zai zaɓa. Shi ya sa layin da ya fi kowane muhimmanci a sanarwar shi ne wanda ya ce isowa da wuri ba za ta ba da layi ba. Ana iya raba layin lodi bisa lokacin tashi daga tashar farko. Ana iya matso da tashin mota ta ƙarshe zuwa da rana, don kada kowa ya yi tsere da faɗuwar rana. Ana iya manna iyakar gudun a cikin motar da lambar ofis, don direba ya samu abin nuna wa fasinja mai matsa masa.

Akwai kuma yadda ake isar da saƙon. Ba kowane direba ke karanta boko da sauƙi ba, kuma takardar da aka rubuta da Turanci kaɗai ba ta isa ga rabin waɗanda aka yi ta dominsu. A rubuta ta da Hausa, a tara direbobi a karanta musu, a bar su su yi tambaya, kowa ya sa hannu cewa ya ji ya gane. A ba da wata guda na gwaji, inda za a riƙa nuna wa kowa abin da tiraka ta rubuta masa ba tare da hukunci ba, don a gano motocin da malejinsu ke ƙarya tun kafin a zalunci wani. Bayan haka hukunci ya hau kan kowa daidai, har direban da ke ɗan'uwan mai kamfani, domin ranar da aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ranar dokar ta mutu.

Fasinja ma yana da rabonsa. Kafin ka shiga motar kamfani, kana da ikon tambaya ko tana da na'urar ƙayyade gudu da ke aiki, da kuma awa nawa suka tsara wa tafiyar. Idan aka yi maka alfahari cewa za a kai ka Kaduna daga Kano cikin awa biyu da rabi, ka san cewa ba a yin haka sai an karya doka a mafi yawan hanyar, kuma kana da damar neman wata motar. Idan kana ciki ka ga allura ta haura 90, ka yi wa direba magana cikin ladabi, in bai ji ba ka kira lambar ofis. Kamfanin da ya rubuta dokar da gaske zai ɗauki kiran, ya buɗe bayanan tiraka na wannan lokaci, ya ga ko gaskiya ka faɗa.